Inci Biyu a Ciki

Shekara goma sha bakwai Anti Binta tana ɗinki a ɗan shagon da aka fasa mata jikin zauren gidansu a Gwammaja, kuma ba ta taɓa sa almakashi a atamfar macen da ba ta gani da idonta ba. Ita a wurinta tef rabin awo ne. Sauran rabin yana ga yadda mace take tsayuwa, da yadda take sakin kafaɗa idan ta ɗauka an gama gwada ta.

Shi ya sa duk lokacin da Nafisa, 'yar ƙaninta, ta kawo zancen buɗe mata shafi a Instagram, sai ta ce, "Ke dai bar ni da 'yan unguwa. Wa zan gwada a cikin waya?"

Bayan ƙaramar Sallah kasuwa ta mutu murus. Sati biyu ba abin da ya shigo sai canjin zif da rage siket, ga kuɗin fetur ɗin janareta, ga yara biyu masu koyo da take ba kuɗin mota. Ranar wata Asabar Nafisa ta same ta zaune ta zuba tagumi a kan keke.

"Gwaggo, don Allah ki bar ni in gwada. In bai yi ba sai in goge."

"To, yi. Amma ban da fuskata."

Nafisa ta rataya farin zanin gado a bangon tsakar gida, ta jira rana ta yi sanyi, ta ɗauki hoton riguna tara. Ta rubuta sunan shago da lambar WhatsApp. Kwana goma sha ɗaya suka wuce, masu bin shafin ashirin da uku ne, kuma Anti Binta ta ƙirga goma sha huɗu a cikinsu 'yan uwa ne. Wasu kan tambayi kuɗi, a faɗa musu, su yi ɗif.

A dare na goma sha biyu, bayan isha'i, saƙon murya ya shigo. Muryar mace ce, Hausarta tas, a bayanta ana jin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ta ce sunanta Hadiza, tana Fatakwal, aure ya kai ta shekara uku ke nan. Ta ga doguwar rigar nan mai aikin zare a wuya, irinta take so, da ɗankwali. Nan da kwana ashirin take bukata.

Anti Binta ta saurara sau uku.

"Fatakwal fa ta ce. Nafisa, ba 'yan damfara ba ne?"

"Gwaggo, ita ce za ta turo kuɗi, ba ke ba."

Washegari da hantsi alat ya shigo, kafin alƙalami da kuɗin atamfa. Anti Binta ta daɗe tana kallon wayar. Mutumin da bai san ko kana da keke ba ya ɗauki kuɗinsa ya ba ka! Nauyin abin ya fi daɗinsa a ranta. Ta yafa mayafi ta hau adaidaita sai Kantin Kwari, ta shiga rumfa huɗu kafin ta samu turmin da ya yi mata, mai ruwan ganye da ɗigon zaiba. Ta ɗauki hotonsa da kanta, hoton farko da ta taɓa tura wa kwastoma, har da yatsanta a gefe.

Da yamma awo ya iso a rubuce. Kafaɗa 15, ƙirji 38, ƙugu 41, tsawo 58. Ta shimfiɗa atamfar, ta ɗauki alli, sai kuma ta ajiye. Kafaɗar siririyar mace ce, ƙugun kuma ya ɗara ƙirji da inci uku.

"Kira min ita. Ta hoto nake so."

Hoton ya yi ta tsinkewa kafin ya tsaya. Yarinya ce da ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, cikin hijabi. Suka gaisa, aka tambayi maigida da ruwa.

"Hadiza, ɗan ja da baya in gan ki a tsaye. Yawwa. Juya gefe."

Anti Binta ta yi murmushi, ta rage murya.

"Wata nawa?"

Hadiza ta rufe fuska da hijabi. "Tara, Anti. Na ji kunyar faɗa ne. Na suna ne kayan."

"To ai da kin sa na ɗinka miki buhu. Cikin fari ne?"

Ta gyaɗa kai. Sai zance ya ɓalle. Ita 'yar Rano ce, mahaifiyarta ta rasu bara, ba mai zuwa mata wankan jego sai wata yayar miji da za ta taso daga Aba. Teloli suna da yawa a can, kuma sun iya aikinsu, amma ita so take ranar suna ta sa kayan da duk wanda ya gani zai san daga gida suka zo.

Anti Binta ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce a kawo tef. Ta sa ta gwada ƙarƙashin ƙirji, ta gwada damtse, tana gyara mata riƙon tef ɗin ta waya: "Sassauta, kada ki ja numfashi." Sauran lissafin a kanta ta yi shi, don ta ɗinka wa masu jego fiye da yadda za ta iya ƙirgawa. Ciki ba ya komawa a kwana bakwai, ƙirji kuwa ƙaruwa yake idan nono ya kawo.

Kwana huɗu ta yi a kan rigar, ba ta bar yaran shago sun taɓa ko kalmasa ba. Ta mayar da zif ɗin gaba, ta ɓoye shi a ƙarƙashin aikin wuya yadda mai shayarwa ba sai ta tuɓe ba. Ta bar inci biyu a kowane gefe ta ciki. Da ƙyallen da ya rage ta yi 'yar riga da hula ta jariri, ba ta sa a lissafi ba. Da za ta naɗe, ta cusa ƙullin kanwa da yajin jego a tsakiya, ta ninka leda uku saboda ruwan can.

Nafisa ta raka ta tashar Sabon Gari inda manyan motocin kudu suke lodi. Ta biya kuɗin saƙo, ta karɓi lambar direba, ta tsaya har ta ga inda aka sa kayan. Kwana biyu tana kiran bawan Allah nan, har ya fara ɗauka da "Hajiya, muna hanya." Ranar ta uku mijin Hadiza ya karɓa, ya turo cikon kuɗi da godiya.

Daga nan shiru. Kwana tara ba labari, ita kuma ta kasa kira. Kullum bayan sallar asuba sai ta duba waya ta mayar ƙarƙashin filo.

Ranar Talata tana cikin sa zare a allura wayar ta yi ƙara. Hoto ne: Hadiza a zaune kan tabarma cikin rigar, kafaɗa ta zauna daram, a cinyarta jaririya da hula mai ruwan ganye ta rufe mata har gira. Saƙon murya ya biyo, ana jin hayaniyar mata.

"Anti, mace aka samu, an mayar da sunan Ummana. Rigar kamar a jikina kika yanka. Da na buɗe na ji ƙanshin yajin nan sai da na yi kuka. Ga wata maƙwabciyata 'yar Gombe ta dame ni, na ba ta lambarki."

Anti Binta ta share ido da gefen ɗankwali. Ta ƙara girman hoton da yatsu biyu, yadda Nafisa ta koya mata, ta ƙura wa hannun rigar ido.

"Nafisa! Zo ki nuna min inda ake danna maganar nan. Hannun ya ɗan yi mata tsawo, zan faɗa mata inda za a kama."