Sanarwar Ajiye Aiki

Assalamu alaikum Alhaji,

Da fatan an wuni lafiya, ya iyali da kasuwa? Na rubuto ne in sanar da kai cewa zan ajiye aikina na akanta a ƙarshen watan Maris, kamar yadda na ɗan tsegunta maka ranar Juma'a bayan masallaci. Jikin Hajiya mahaifiyata sai a hankali, kuma ni ne babba a gida, don haka zan kwashe iyalina mu koma Kano kusa da ita.

Wallahi da ƙyar na yanke wannan shawara. Shekara 7 ke nan tun da na shigo ofishinmu na titin Ahmadu Bello da takardun makaranta a hannu, ko biyan albashi ban taɓa haɗawa ba. Kai ka zaunar da ni ka koya mini, kuma ban manta daren da muka kai ƙarfe 11 muna neman naira 4,500 da ta ƙi fitowa a lissafi, ashe rasit ne ya maƙale a bayan durowa.

Kafin in tafi zan rufe lissafin Maris, in daidaita shi da takardar banki, in tura harajin albashin ma'aikata. Malama Rabi ta san kan aikin, da ita zan zauna mako biyu in damƙa mata komai. Bashin dilolin Kasuwar Barci ne kawai yake son a sa masa ido.

Kano ba nisa, lambata tana nan, ko lokacin binciken ƙarshen shekara a kira ni. In na saɓa maka a wani abu, a yafe mini. Allah ya ƙara buɗi, ya bar zumunci.

Naka,
Sani