Abin da ya sa na buɗe gidan burodi a unguwarmu

Assalamu alaikum maƙwabta da abokan ciniki.

Tambayoyi biyu ne suka fi yawa a bakin kantarmu. Wani ya ce, "Malam, me ya sa burodinku bai kai na kamfani girma ba?" Wata kuma ta ce, "Ya aka yi naku ba ya daɗewa, kwana uku sai ya fara sauyawa?" Yaran shago kan amsa gwargwadon saninsu, amma na ga gara in zauna in ba da amsar da kaina, don ita ce dalilin buɗe wannan wuri tun farko.

Ni ba ɗan gado ba ne a wannan sana'a. Da wankin gwangwani na fara a wani babban gidan burodi ina saurayi, daga nan aka matsar da ni shafa mai, sai yanka, kafin a yarda in taɓa kwaɓi. Wanda ya koya min wani dattijo ne mai ƙarancin magana, Allah ya ji ƙansa. Mutum ne da zai dafa ƙulli da bayan hannu ya gaya maka ya ɗau zafi ko bai ɗauka ba, amma duk da wannan ƙwarewa bai taɓa zuba gishiri bai ɗora a sikeli ba. In ya ga ka ɗebo da hannu za ka watsa, kallo ɗaya zai yi maka ka mayar. A wurinsa na koyi cewa komai na burodi daga nauyin fulawa ake lissafa shi: gishiri giram 18 zuwa 20 a kowane kilo, ruwa kimanin giram 600, sauran kuma kowanne da ma'auninsa. Har yau da wannan lissafi nake aiki.

Bayan ya ajiye aiki, gidan ya koma hannun wasu. Da fulawa ta yi tsada sai aka ɓullo da dabarar da duk wanda ya yi aikin burodi ya sani: a rage nauyin ƙullin da ake yankawa, a ƙara yis da sinadarin kumburi, a bar shi ya tashi har ya cika gwangwani. A ido burodin yana nan da girmansa. Sai ka ɗauka ka ji ba nauyi, ka matsa ya shige cikin tafin hannu, yaro ya ci rabi bai san ya ci komai ba. Ba zan ambaci sunan gidan ba, kuma ban ce mugayen mutane ba ne, kowa neman yadda zai tsira da jarinsa yake. Sai dai ni ne mai yankan, ni nake ganin abin da sikeli ke nunawa kullum da dare, sannan da safe in haɗu da masu saye a hanya muna gaisawa. Abin ya tsaya min a rai har na yi sallama da su.

A 2017 muka fara a ɗakin bayan gida, da ƙaramin obin na hannu da na saya wurin wani da ya bar sana'ar. Ni ke kwaɓi da murji da hannu, uwargida na riƙe da littafin lissafi, ita ce ma har gobe ke riƙe da shi, kuma ko ni ba na ɗaukar burodi ɗaya ba a rubuta ba. Maƙwabta ne suka fara saye, su suka gaya wa wasu. Da ɗakin ya yi mana kaɗan muka kama wannan shago da kuke gani, muka sayi injin kwaɓi. Yanzu mu shida ne, huɗu daga cikinmu 'yan unguwar nan.

To, ga amsar tambaya ta farko. Burodinmu da nauyi ake sayar da shi. Babban, wanda aka rubuta giram 500 a ledarsa, muna yanka ƙullinsa a giram 570, saboda burodi kan rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a wurin gashi da hucewa, ruwan cikinsa ne ke fita. Shi ya sa akwai sikeli a kan kanta, fuskarsa na kallon mai saye. Ba ado ba ne, kuma ba rashin kunya ba ne ka ɗora burodinka a kai a gabanmu. In ya gaza abin da aka rubuta, a canza maka nan take. Akwai wata hajiya a layin baya da ba ta taɓa saye ba ta auna ba, kuma wallahi ina jin daɗin ganinta, don ita ce ke sa yarana ba sa sakaci a wurin yanka.

Abin da ke cikin burodinmu na yau da kullum ba shi da yawa: fulawar alkama, ruwa, yis, gishiri, sukari, man gyaɗa ko bota gwargwadon irin burodin. Na madara kuma akwai madarar gari da ƙwai. Muna sa ɗan bitamin C kaɗan, wanda ke ƙarfafa ƙulli ya riƙe iska, kuma na faɗe shi ne don kada wani ya ji a wani wuri ya ce mun ɓoye. Ba ma sa buromet. Wannan sinadari ne da ke sa burodi ya yi tsayi da laushi a farashi mai sauƙi, amma hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake zargin suna iya haddasa cutar, kuma ƙasashe da dama sun haramta shi a fulawa, Birtaniya ma tun 1990. Duk buhu ko ƙunshin da ya shigo mana sai na karanta abin da aka rubuta a jikinsa da kaina. Wanda ba shi da rubutu, komai arharsa, ba ya tsallake ƙofar nan.

Abin da wasu ke nema a wurin sinadari, mu a wurin lokaci muke samunsa. Yis abu ne mai rai, yana cin sukari yana fitar da iska, kuma yadda yake aiki ya dogara da zafi. Muna son ƙulli ya fito daga inji a tsakanin digiri 24 da 27. In ya wuce haka zai tashi da gaggawa, ya yi tsami, cikinsa ya zama ramuka ramuka. Shi ya sa lokacin zafi za ku ga ana shigo da ƙanƙara da dare, ta ruwan kwaɓi ce. Muna barinsa ya tashi sau biyu, ɗaya a dunƙule, ɗaya a cikin gwangwani. Gwajin kuwa da yatsa ne: ka danna a hankali, in wurin ya dawo sannu sannu ya bar ɗan gurbi, ya isa shiga wuta. In ya dawo nan da nan, da saura. In bai dawo ba sam, an makara. Ƙamshin nan da kuke ji tun daga bakin layi yawancinsa daga wannan jiran yake fitowa, ba daga kwalba ba.

Burodi ba ya fita daga obin sai tsakiyarsa ta kai wajen digiri 93 zuwa 95, muna da ma'aunin da ake sokawa. Daga nan sai ya huce a kan waya kamar awa biyu kafin a sa a leda. Na san wannan na ɓata wa masu sammako rai, mutum na ganin burodi a jere a ce masa ya jira. Dalili shi ne in aka ƙulle shi da zafinsa, tururi zai koma ruwa a cikin ledar, kuma danshi ne abincin hunhuna. Mai son na zafi sai ya faɗa, a naɗe masa a takarda, ya ci a ranar.

Tambaya ta biyu ke nan ta amsa kanta. Ba ma sa maganin hana hunhuna. Akwai wanda doka ta yarda da shi a wurare da yawa, kuma ba na zargin kamfanin da ke sawa, don burodin da zai yi doguwar tafiya a mota ya kwana a shaguna yana buƙatarsa. Namu daga obin zuwa gidanku tafiyar ƙafa ce. Ku saya daidai cin kwana biyu, ku ajiye a inuwa cikin ledarsa. Kada ku sa a firiji, sanyin firiji na sa burodi ya yi tauri da sauri fiye da in an bar shi a waje. In ya yi yawa, ku yanka shi ku sa a firiza, ya daskare, duk sanda ake so a ciro a ɗumama.

Wanda ya kwana a hannunmu ba ya komawa cikin sabo. Yana da wurinsa daban a gefen hagu, an rubuta "na jiya", da rangwame. Abin da ya rage bayan nan ba a sayar da shi.

Akwai abin da ba za mu iya yi muku alkawarinsa ba, kuma gara ku ji daga bakina. Ɗaki ɗaya muke aiki, tebur ɗaya, inji ɗaya. Alkama, madara, ƙwai, gyaɗa da riɗi duk suna ratsa wurin. Muna wankewa tsakanin kwaɓi da kwaɓi, amma ba zan ce da mai lalurar da ba ta jure ɗaya daga cikin waɗannan ya ci ba fargaba ba. Wanda likita ya hana shi alkama, babu abin da muke gasawa da ya dace da shi. Haka burodinmu na alkama mai dusa: sukarinsa kaɗan ne, amma ba magani ba ne, mai ciwon sukari ya tambayi likitansa yawan da zai ci.

Maganar farashi kuma, fulawa za ta sake tashi, wannan ba a hannunmu yake ba. Duk ranar da ta kama dole mu ƙara kuɗi, za ku ga sanarwa a ƙofa mako guda kafin ranar. Nauyin ba zai sauya ba. Ga wanda ƙarin ya yi wa yawa akwai ƙarami na giram 250, ƙulli ɗaya ne da babban.

Muna buɗewa ƙarfe 6:30 na safe, gashi na biyu na fitowa wajen ƙarfe 4 na yamma. Mai son ganin inda ake kwaɓin ya zo da hantsi, lokacin aiki ya lafa, za a ba shi hula ya rufe gashi a zagaya da shi har ɗakin ajiyar fulawa. In kuma kun sayi abin da bai yi muku ba, ku dawo da shi ko da an ci rabi, ku ce a kira mai wurin. Yawanci ina ciki ta baya, in ba na nan uwargida na nan.

Na gode,
Mai gidan burodin unguwa