Zanen Mafarki: Aikin Ajin Asabar

'Yan ajin zane, ga aikin wannan wata. Kowa ya zaɓi biyu daga cikin hotunan da na siffanta a ƙasa, ya zana su a takarda A3, da gawayi ko da fentin ruwa, ya kawo nan da mako uku. Sharaɗina ɗaya ne: a kowane hoto abu guda tak za ku bari ya saɓa wa hankali, sauran kuma su tsaya daidai yadda ido ya san su. A 1952 René Magritte ya zana ɗakin kwana da matajin kai a tsaye bisa gado, ya fi gadon girma, amma haƙoran matajin da katakon daɓen ɗakin duk ya fitar da su kamar ka taɓa. Irin wannan kulawar nake nema a wurinku.

Marina da dare. Ku ɗauki marinar Ƙofar Mata a Kano, ramukan nan jere a ƙasa, kowanne da bakinsa kewayayye. Wani dattijo marini ya durƙusa, hannuwansa sun yi shuɗi har gwiwar hannu, yana tsamo turmin yadi daga ruwan baba. Abin da yake tsamowa sararin sama ne. Ɓangaren da ya fito daga ramin ya rine, ya zama dare, taurari na ɗiga daga gefensa suna komawa cikin ruwan. Ɓangaren da bai shiga ba tukuna yana can sama a shimfiɗe, fari fat, da hasken hantsi. Saboda haka rabin hoton na hagu hantsi ne, na dama dare, kuma inuwar dattijon ta faɗi dama kawai, domin haske ta hagu yake zuwa. Kada ku sa masa fuskar mamaki. Aikinsa yake yi, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Ina so in ga nauyin jiƙaƙƙen yadin a kafaɗarsa da jijiyoyin wuyansa. Wannan ne na fi ƙauna a cikinsu duka, shi ne kuma zai fi ba ku wuya.

Ayari a kan teburin tela. Keken ɗinki baƙi, na ƙafa, allurarsa ta kai tsayin giginya. Raƙuma bakwai ɗauke da kantun gishiri daga Bilma suna tafe bisa layin ɗinkin, kowane taku daidai da ɗinki ɗaya, shaddar da ke ƙarƙashinsu kuma ta tattare ta zama tuddan rairayi. A kusurwa ku sa babban yatsan telan da farcensa, don mai kallo ya san wa ya girma, wa ya ƙanƙance.

Ƙofa da kwaɗo. Ƙyauren katako na tsohon zaure, an kulle shi da kwaɗo, amma kwaɗon tafki, mai rai, fatarsa na sheƙi, ya riƙe sarƙar da hannuwansa biyu. Yarinya 'yar shekara bakwai tana tsaye riƙe da ludayi cike da ruwa, shi ne mabuɗinta.

Rumbu a sararin sama. Damina ta tsaya, rumbunan ƙauye sun tashi sama sun jeru kamar hadari, gero na zuba daga gindinsu kamar yayyafi. Mata sun fito da laima, kaji kuwa sun ɗaga kai. A nan ku kula sosai da ƙasa: duwatsun da kowane rumbu yake zaune a kai suna nan inda aka bar su, da da'irar ƙasa mai sanyi wadda rana ba ta taɓa gani ba. Idan kuka manta da waɗannan duwatsun, rumbunan za su zama kamar an manna su ne da gam. Na taɓa yin wannan kuskuren a wani zane, na kwana uku ina neman abin da ya hana shi zama, ashe gurbin da abin ya tashi ne ban nuna ba.

Kogi a cikin randa. Ɗakin tsohuwa, da fitilar ƙwai a kan kujera 'yar tsugunno. Ta ɗaga faifan da ya rufe randa, a ciki masunta ne irin na Argungu, kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa ba, da homa da gora, suna kokawa da giwan ruwa. Moɗar da ke hannunta ta yi musu inuwa kamar gajimare, mutum ɗaya daga cikinsu ya ɗago kai yana kallonta. Ku zana shi daga sama, ta bayan kafaɗarta, hasken fitilar ya tsaya a kan ruwan da zoben azurfar da ke yatsanta.