Wasiƙar neman farashin moter na famfon ban-ruwa

Ƙungiyar manoman rani ta bakin kogin Binuwai,
Yankin Pitowa, Arewacin Kamaru.
Litinin, 14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Alhaji, mai shagon injuna da kayan lantarki, Garwa.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da yaran shago. Mun rubuto ne domin ku ba mu farashin moter na lantarki guda ɗaya, sabo, wanda zai juya famfon da muke ban-ruwa da shi. Famfon yana nan ƙalau. Moter ɗin ne ya gaza, kuma a wannan karon mun ƙudura ba za mu sayi komai ba sai wanda aka auna shi da aikin da zai yi.

Mu 36 ne a ƙungiyar, kowa da kar ɗaya, wato rubu'in hekta, jimla hekta 9. Mafi yawa albasa ce, sai tumatir da attarugu a gefe. Bara moter mai 7.5 kW da muke da shi ya ƙone sau biyu. Na farkon a Janairu, muka kai aka sake masa naɗi. Na biyun a tsakiyar Maris, albasa tana cikin yin kai. Ni ne a wurin ranar, da azahar: na ji ƙaurin fenti tun daga bakin kwami, da na isa na taɓa bayansa sai da na cire hannu da sauri. Kwana 9 muka yi ba ruwa. Mata da yara suka riƙa jido da jarka daga kogi, amma ina jarka za ta ƙosar da hekta 9? Wasu daga cikinmu albasarsu ba ta wuce girman ƙwan zabo ba, ga bashin taki a wuya.

Da muka kira mai gyaran lantarki ya duba takardun awon da ya yi mana tun farkon rani, sai ya nuna mana cewa moter ɗin yana jan amfiya 17 zuwa 18, alhali farantinsa ya ce 15. Ashe tun ranar da aka ɗaura shi kayan da ya fi ƙarfinsa yake ɗauke da shi. Wanda ya sayar mana da shi bai tambaye mu komai ba, mu ma ba mu san abin da za mu faɗa masa ba. Shi ya sa yau za mu shimfiɗa muku aikin gaba ɗaya.

Famfon irin mai fanka ne, a girke yake a kan dakalin siminti a bakin gaɓa. Muna so ya ba da ruwa kubik mita 90 a awa, wato lita 25 a daƙiƙa. Daga fuskar ruwa lokacin da kogi ya ja baya sosai zuwa bakin kwamin da muke rabawa, tsayin mita 17 ne, 4 daga ciki zuƙowa ce. Mun yi awon ne a ƙarshen rani, domin ruwan nan yana hawa yana sauka gwargwadon abin da aka sako daga madatsar Lagdo. Bututun roba ne mai faɗin milimita 160, tsawonsa mita 400, kuma gogar ruwa a cikinsa da gwiwoyi da bawul tana cin kusan mita 7. Jimla dai mita 24. Mai lissafinmu ya ce ruwan kansa yana buƙatar kusan 5.9 kW, famfon kuma kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da aka ba shi yake mayarwa aiki, don haka sandar famfon tana neman kusan 8.4 kW. Kun ga inda mai 7.5 ya faɗi ke nan.

Saboda haka muna neman mai 11 kW, wanda a kasuwa ake cewa doki 15, mai layin wuta uku, 380 V, 50 Hz, yana juyi kusan 2900 a minti kamar yadda farantin famfon ya nuna. Abin da muka fi matsawa a kai shi ne a ga S1 a rubuce a farantinsa, ma'ana wanda aka ƙera don ya yi ta aiki ba tsayawa. Awa 12 muke kunna shi kullum daga Nuwamba zuwa Afrilu, wani lokaci 14 idan layin ban-ruwa ya cushe. Kuma kun fi mu sanin zafin Garwa a Maris da Afrilu. Yawancin irin waɗannan moter an ƙayyade ƙarfinsu ne a kan iska mai zafin digiri 40, a nan kuwa rana tana wuce haka, ga rumfar kwano a kansa. Wannan ratar da ke tsakanin 8.4 da 11 ita ce numfashinsa, don Allah kada a rage mana ita don a sauƙaƙa kuɗi. Rufin naɗinsa ya zama aji F, jikinsa kuma IP55, saboda ƙurar hunturu da feshin ruwa. Naɗin tagulla muke so, kuma ku rubuta hakan a takardar.

Akwai wani abu da ya kamata ku sani tun yanzu. Tsohon moter ɗin sandarsa milimita 38 ce, tsayinta daga dakali 132. Mai 11 kW kuwa, in girman 160M ne mai ƙafafu, B3, sandarsa 42 ce, tsayi 160. To mahaɗin da ke tsakaninsa da famfo ba zai shiga ba, kuma sai an ɗaga famfon ko a gyara gindin ƙarfen. Ku sa mana kuɗin sabon mahaɗi da robarsa, da robar ajiya guda biyu.

Haka nan ku ba mu farashin akwatin kunnawa dabam, irin mai tayar da moter a hankali, tauraro sannan alwatika. In haka ne, moter ɗin ya zama mai 380/660 V ko 400/690 V. A cikin akwatin muna son abin da zai yanke wuta idan ya yi zafi, da wanda zai yanke idan layi ɗaya ya ɗauke, domin da yamma wutarmu takan sauka ƙasa da 360 V. Daga mita zuwa famfo mita 120 ne, wayar da ke nan mai kauri 6 ce ta tagulla. Ku gaya mana gaskiya ko za ta ɗauka, ko sai mun koma mai 10.

Takardar farashin ku yi ta da Faransanci, da tambarin shago da sa hannu, saboda asusun da zai ranta mana rabin kuɗin ba ya karɓar wata. A rubuta kuɗin kowane abu shi kaɗai da sefa, harajin kashi 19.25 cikin 100 a fili, da sunan kamfanin da ya ƙera moter ɗin, da tsawon garanti, da abin da garantin bai ɗauka ba. In kuna da iri biyu, mai tsada da mai sauƙi, ku sa duka, amma kowanne da hoton farantinsa mu gani da idonmu. Ku faɗa mana kuma ko yana shago yanzu, ko sai an taho da shi daga Duwala ta Ngaundere, da kwana nawa zai ɗauka, da kuɗin kawowa har bakin gona da ɗaurawa in kuna da mai yi.

Za mu iya biyan rabi ranar da muka amince, sauran kuma ranar da aka gwada shi a gabanmu, ya yi awa 3 yana tura ruwa muka auna amfiyarsa.

Irin albasa ya riga ya tsiro a fangali, dashe kuma tsakiyar Nuwamba ne. Taron 'yan ƙungiya zai zauna ranar Lahadi 27 ga Oktoba don yanke shawara, muna roƙon amsarku ta iso kafin Juma'a 25 ga wata. Ma'ajinmu ne ya kawo muku wannan wasiƙa da hannunsa, tare da hoton farantin famfon da na tsohon moter. In kuna so yaronku ya zo ya ga wurin, ma'aji zai ɗauko shi a babur ya maido shi.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya,
da yawun shugaba da dukkan 'yan ƙungiya.