Roƙon Sake Duba Rubutun Wasula a Gwajin Ilimin Furuci

Aji Biyu,
Sashen Harsunan Nijeriya,
14 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Malamin Darasin Ilimin Furucin Hausa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Malam yana lafiya tare da iyali, na rubuto ne game da gwajin da muka yi ranar 30 ga Afrilu, wanda aka mayar mana da takardunsa jiya. Na sami maki 12 cikin 20. An soke mini amsoshi takwas, kuma ina roƙon Malam ya sake duba biyar daga cikinsu.

Sauran ukun kuskurena ne. A lamba 5 muryar da aka kunna ta faɗi gado na dukiyar mamaci, ni kuwa na sa gajeren wasali a gaɓar farko, ya koma gadon kwanciya. A lamba 18 na manta alamar tsawo a gaɓar farko ta kifi. A lamba 20 kuma [ə] ɗin da na rubuta ya yi kama da [e], laifin hannuna ne.

Umarnin da ke saman takardar ya ce a rubuta wasulan "kamar yadda aka ji su a bakin mai magana", cikin baka mai kusurwa. Abin da na bi ke nan. Gyaran da aka yi da jan biro kuwa, a ganina, ya bi yadda kalmar take idan ta tsaya ita kaɗai, alhali kalmomin cikin jimla suka zo.

Lamba 3 ita ce "ya tafi gida". Na rubuta [ɡídáʔ], aka gyara zuwa [ɡídáː]. Gida a matsayin suna, kamar a "ya sayi gida", da dogon wasali yake ƙarewa. Amma a nan bayanau ne na wuri, wasalinsa gajere ne, kuma da yake a ƙarshen zance ya faɗo, hamza ta biyo shi. Irin bambancin da ke tsakanin "dare ya yi" da "ya zo da dare" ne, wanda Malam ya kawo mana a mako na huɗu.

A lamba 7, "rigar Binta", an ƙara alamar tsawo a wasali na biyu. Gaskiya ne riga tana ƙarewa da dogon wasali, sai dai mahaɗin -r ya rufe gaɓar, Hausa kuwa ba ta barin dogon wasali a rufaffiyar gaɓa. Shi ya sa na rubuta [ɽìːɡə́r]. Lamba 9, "ƙarshen wata", ita ma daga nan ta samo asali, har ta ɗara: [eː] idan ya gajarce a rufaffiyar gaɓa yakan karkata zuwa [a], abin da ke sa mutane da yawa rubuta "ƙarshan" a saƙon waya. A ƙa'idar rubutu kuskure ne, amma a furuci shi kunne ke ji. Na sa [a], aka mayar da shi [e].

Biyun ƙarshe sai an saurara kafin a yanke hukunci. A biki, lamba 12, wasalin farko bai kai [i] na gaba ba, bai kuma kai [u] na buki ba, don leɓɓa ba su kewaye ba. Saboda haka na zaɓi [ɨ] na tsakiya. A lamba 15, "sai gobe", mai maganar bai furta tagwan wasali cikakke ba. Abin da na ji [seː] ne, kuma ya bambanta sarai da [ai] ɗin da ya faɗa a aiki, lamba 16, wadda aka ba ni makinta. A kwafin muryar da shugaban aji ya raba mana bayan gwajin, biki na zuwa a minti 4 da daƙiƙa 10, "sai gobe" kuma a minti 5 da daƙiƙa 25. Na sake saurara sau da dama da abin sawa a kunne, ban ji wani abu dabam ba, amma kunnen Malam ya fi nawa gogewa.

Idan abin da ake nema ƙwayoyin sauti ne na asali, waɗanda ake sawa tsakanin sanduna biyu, to /e/ da /i/ da /ai/ su ne daidai a lamba 9 da 12 da 15, kuma ina so a nuna mini haka don kada in maimaita a jarrabawar ƙarshen zango.

Na haɗa hoton takardata da wannan wasiƙa, na sa alamar fensir a lambobi biyar ɗin, ta asalin kuma tana hannuna ba a taɓa ta ba. Zan iya zuwa ofis ranar Talata bayan laccar ƙarfe 10, ko duk lokacin da Malam ya ga dama, kafin a miƙa makin gwaji ga sashe.

Na gode. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya saka da alheri.

Ɗalibarka,
Hauwa'u Sani