Duba amsar tambaya ta 3: ƙarfin da matokaran bim ke ɗauka

Ɗalibina, na duba aikinka. Zanenka ya fita tsaf, kibiyoyin ƙarfi ma duk suna inda ya kamata, amma amsar ba ta yi daidai ba. Zo mu bi ta tare.

Ga abin da tambayar ta bayar. Bim ne mai tsawon mita 6, a kwance, A a hagu kan fin, B a dama kan rola. Akwai lodi na 12 kN da ke dannawa a wuri guda, mita 2 daga A. Sannan akwai shimfiɗaɗɗen lodi na 4 kN a kowace mita, daga mita 3 har zuwa B. An ce a yi watsi da nauyin bim ɗin kansa. Ana neman RA da RB, wato ƙarfin da matokaran A da B ke ɗauka. Babu abin da ke turawa a kwance, don haka ka yi daidai da ka sa ƙarfin kwance na A, wato Ax = 0.

Kai ka samu RA = 14 kN, RB = 10 kN, ka rubuta a ƙasa cewa ka tabbatar, tunda 14 da 10 sun ba da 24, jimillar lodi kuma 24 ce. Wannan ba tabbatarwa ba ce. Ai daga 24 ɗin ka cire RB ka sami RA, to dole su koma 24. Ko da RB ɗinka 3 ce, RA za ta zama 21, lissafin ya hau. Shaidar da kai ka koya wa abin da za ta faɗa ba ta wanke ka.

Abin da zai gwada amsar shi ne momen, wato ƙarfi sau nisansa daga wurin da ake juyawa. Tunda a A ka ɗauki naka, sai na ɗauka a B, kuma na sake karanta kowane nisa daga zanen tambayar, ban kwafo daga layukanka ba. Shimfiɗaɗɗen lodin 4 × 3 = 12 kN ne, yana aiki a tsakiyar mita ukun da ya rufe, wato mita 1.5 daga B. Lodin wuri guda kuwa mita 4 ne daga B.

```
RA × 6 = 14 × 6 = 84 kN·m
12 × 4 + 12 × 1.5 = 66 kN·m
```

RA na son juya bim ɗin yadda hannun agogo ke tafiya, lodin biyu na son juya shi akasin haka. Da bim ɗin a tsaye cik yake, da ɓangarorin biyu sun zo kunnen doki. Ga shi 84 da 66, saura 18 kN·m babu mai tare ta.

Kada ka yi saurin goge wannan 18 ɗin, domin ita ce ta nuna min inda ka kauce. Raba ta da 12 kN, ka sami mita 1.5. Ke nan akwai lodin 12 kN da ka ajiye mita ɗaya da rabi nesa da mazauninsa. Da na koma layinka na huɗu sai na gan shi: ka rubuta 12 × 3, ka sa shimfiɗaɗɗen lodin a tsakiyar bim, alhali tsakiyar lodin kansa ake nema, mita 4.5 daga A. Wannan ne dalilin da ya sa na nace kan sake karanta nisa. Da ka ɗauki momen a B da waccan mita 3 ɗin, da ka sami 84 a kowane ɓangare, ka tafi hankali kwance da kuskurenka.

Ga gyaran:

```
ΣMA = 0:  RB × 6 = 12 × 2 + 12 × 4.5 = 78
RB = 13 kN
ΣMB = 0:  RA × 6 = 66
RA = 11 kN
ΣFy:  11 + 13 = 24 kN
```

Lura da tsarin. Kowane matokari ya fito daga nasa lissafin momen, sai a ƙarshe jimillar ƙarfi ta zo ta gaskata su. A nan ne 24 ɗin take da amfani.

Ko da ido ma za ka iya zargin amsarka ta farko. Tsakiyar lodin gaba ɗaya tana 78 ÷ 24 = mita 3.25 daga A, ta ɗan wuce rabin bim zuwa wajen B. Matokarin da kaya ya fi kusa da shi kuwa shi ya fi jin nauyi, don haka RB ba za ta gaza RA ba.

Na ba ka maki 6 cikin 10. Tambaya ta 4 a kan waɗannan alƙaluman ka gina ta, saboda haka ka sake ta da 11 da 13, ka kawo min duka biyun ranar Litinin.