Takardar Neman Bashin Naira Miliyan Biyar da Bayanan Kuɗin Masana'antar Ɗinki

10 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga Manajan Reshe,
Sashen Bashin Ƙananan Masana'antu.

Ranka ya daɗe,

NEMAN BASHIN ₦5,000,000 NA WATA 24

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ce mai masana'antar ɗinkin kayan makaranta da rigunan ma'aikata da ke da asusun kasuwanci a wannan reshe tun 2019. Muna da maɗinka tara, da akawu, da mai kula da sito. Ina neman bashin naira miliyan biyar, wanda zan biya cikin wata 24, kuma na haɗo bayanan kuɗinmu na 2023 da 2024.

Abin da zai fara ɗaukar hankalinka a lissafin shi ne cinikinmu ya tashi daga miliyan 31.2 zuwa miliyan 38.4, amma riba tana nan inda take, har ta ɗan ja baya. Dalilin neman bashin ke nan.

Aikinmu na lokaci ne. Daga Yuli zuwa Satumba, kafin a koma makaranta, oda kan taru ta fi ƙarfin kekunanmu. Bakwai daga cikinsu ƙanana ne, kuma har yanzu da hannu muke huda maɓalli. Maɗinki ɗaya kan wuni zaune da allura a kan rigunan da inji zai gama kafin azahar, ga tulin wanduna an yanka an ɗaure suna jiran keke. Idan lokaci ya ƙure sai mu fitar da aikin waje. A 2024 mun biya ₦1,900,000 a kan ɗinkin da bai fi ya ci mana ₦1,100,000 ba da a cikin gida aka yi shi, ban da waɗanda kan dawo da karkataccen wuya sai an warware an sake.

Na biyu shi ne yadi. Ba mu da kuɗin da za mu saya mu ajiye, don haka sai kafin alƙalami ya shigo muke shiga kasuwa, daidai lokacin da kowane tela yake neman irin launin da muke nema. Rasitanmu na shekara biyu sun nuna bambancin kusan kashi 12 cikin ɗari tsakanin sayen Mayu da sayen Agusta.

Ga yadda za a kashe kuɗin: manyan kekunan ɗinki huɗu masu aiki da lantarki, ₦2,200,000, injin huda maɓalli ɗaya, ₦800,000, yadi, ₦2,000,000, wanda za mu juya sau biyu a shekara. Takardun farashi daga masu sayarwa suna haɗe, kuma na amince banki ya biya su kai tsaye.

Sai batun biya. A kan kuɗin ruwa na kashi 24 cikin ɗari a shekara da jami'in bashi ya ambata mini, wanda ake lissafawa a kan abin da ya rage, biyan wata zai kama kusan ₦264,400, wato ₦3,172,800 a shekara. Ribar 2024 da ragin darajar injuna, wanda ba kuɗi ne da ya fita daga asusu ba, sun kai ₦4,400,000. Daina fitar da aiki zai ƙara ₦800,000, sayen yadi da wuri kuma ₦480,000. Na yanke shawarar rage abin da nake ɗauka wa kaina daga ₦2,400,000 zuwa ₦1,800,000 har sai an gama biya. Abin da zai rage ₦3,880,000 ne, ya haura biyan shekara da ₦707,200. Ban sa ko sabuwar oda ɗaya a wannan lissafi ba, duk da cewa akwai makarantu biyu da muke magana da su. Na fi son a auna ni da abin da ke hannu.

Za ka ga ₦300,000 da aka rubuta a matsayin bashin da ya mutu. Wata makaranta ce ta karɓi kaya sannan ta rufe. Yanzu ba ma taɓa almakashi sai an biya kashi 40 cikin ɗari, ba ma kuma sakin kaya sai an cika kashi 80.

Jinginar da nake bayarwa ita ce injunan da muke da su da waɗanda za a saya, tare da mutum biyu masu tsaya mini, dukansu masu asusu a bankinku. Roƙona ɗaya: idan an amince, a saki kuɗin kafin ƙarshen Afrilu, domin yadin da aka saya bayan Mayu ya riga ya cinye wani kaso na amfanin bashin. Ƙofarmu a buɗe take ga jami'anku duk ranar da suka ga dama su zo su ƙirga injuna su duba littattafai.

Na gode, a huta lafiya.

Taku mai biyayya,
Mai masana'antar kuma shugabarta

BAYANI NA ƊAYA: RIBA DA ASARA (a naira, shekarar da ta ƙare 31 ga Disamba)

| | 2023 | 2024 |
|---|---|---|
| Ciniki | 31,200,000 | 38,400,000 |
| Yadi, zare, maɓalli da zik | 16,900,000 | 21,100,000 |
| Ladan maɗinka, har da na waje | 5,600,000 | 6,700,000 |
| Riba kafin kuɗin gudanarwa | 8,700,000 | 10,600,000 |
| Haya | 900,000 | 1,200,000 |
| Wuta da man janareta | 1,500,000 | 2,300,000 |
| Albashin akawu da mai sito | 960,000 | 1,200,000 |
| Gyaran injuna da sufuri | 640,000 | 800,000 |
| Ragin darajar injuna | 500,000 | 600,000 |
| Bashin da ya mutu | 0 | 300,000 |
| Riba kafin haraji | 4,200,000 | 4,200,000 |
| Haraji | 350,000 | 400,000 |
| Tsantsar riba | 3,850,000 | 3,800,000 |

BAYANI NA BIYU: DUKIYA DA BASHI A RANAR 31 GA DISAMBA, 2024

| | Naira |
|---|---|
| Kekuna da injuna, bayan ragin daraja | 4,800,000 |
| Janareta, tebura da kantoci | 1,300,000 |
| Yadi da ɗinkakkun kaya a sito | 3,900,000 |
| Bashin da muke bin makarantu | 2,700,000 |
| Kuɗi a banki da a hannu | 1,850,000 |
| Jimlar dukiya | 14,550,000 |
| Bashin dillalan yadi | 2,100,000 |
| Kafin alƙalamin aikin da ba a kai ba | 900,000 |
| Harajin da ba a biya ba tukuna | 400,000 |
| Jimlar bashin da ake bin mu | 3,400,000 |
| Jari a farkon shekara | 9,750,000 |
| A haɗa da ribar shekara | 3,800,000 |
| A cire abin da mai masana'anta ta ɗauka | 2,400,000 |
| Jari a ƙarshen shekara | 11,150,000 |
| Bashi da jari | 14,550,000 |

BAYANI NA UKU: SHIGE DA FICEN KUƊI NA 2024

| | Naira |
|---|---|
| Kuɗi a farkon shekara | 1,400,000 |
| Tsantsar riba da ragin daraja | +4,400,000 |
| Ƙarin kaya a sito | −900,000 |
| Ƙarin bashin da muke bi | −500,000 |
| Ƙarin bashin da ake bin mu | +550,000 |
| Sayen keke ɗaya | −700,000 |
| Abin da mai masana'anta ta ɗauka | −2,400,000 |
| Kuɗi a ƙarshen shekara | 1,850,000 |

ƘARIN BAYANI

An ƙiyasta kayan sito a kan kuɗin da aka saye su, ba kuɗin da za a sayar ba. Daga cikin bashin ₦2,700,000 da muke bi, an riga an biya ₦1,600,000 a watan Janairun 2025, kuma za a ga shigarsa a bayanan asusunmu na wannan reshe. Sauran makarantu uku ne, sun sa hannu za su cika kafin ƙarshen Maris. Babu wani banki ko ƙungiyar adashi da ke bin masana'antar bashi. Akawunmu ne ya shirya bayanan daga littafin ciniki, rasitai da bayanan asusun banki, ni kuma na duba na sa hannu cewa gaskiya ne.